Gyaran waƙafi da aya a jawabin da dattijo zai karanta a gaban jama'a

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da masana da ke wannan zaure. Ranar Asabar mai zuwa makarantar da nake koyarwa za ta yi bikin yaye ɗalibai tare da buɗe azuzuwa uku da aka gyara, kuma ni aka ɗora wa rubuta jawabin maraba. Wanda zai karanta shi ne shugaban kwamitin iyaye da malamai, dattijo mai kimanin shekara 70, wanda karatunsa na boko ba shi da laifi amma sai da tabarau. Jiya da la'asar na kai masa ya gwada, sai na ga numfashi yana yanke masa a tsakiyar jimla, yana tsayawa inda bai kamata ba, har wani wurin ma'anar ta juya. Na duba rubutun sau uku ban ga kuskuren harafi ba, don haka nake zargin alamomin rubutu ne. Ga sakin layi na farko yadda yake:

"Mai girma Hakimi, Shugaban Ƙaramar Hukuma, Sakataren Ilimi, Alh. Musa, iyaye da malamai, muna farin cikin sanar da ku cewa an kammala gyaran azuzuwa uku da aka fara bara a kan kuɗi N7,350,000 kuma ba da kuɗin ƙaramar hukuma aka yi aikin ba kawai da gudummawar iyaye aka kammala shi don haka muna godiya ga iyayen da suka biya kuɗin siminti da malamai da suka sa ido a kan aikin."

Minti goma aka ba shi, jawabin kuma shafi uku ne. Ta ina zan fara?

Nafi'u:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina matsalar girman rubutu ce. Ku kai shagon buga takardu su ƙara girman haruffan zuwa 18, su buɗe tsakanin layuka, sannan duk kalmar da ake so a ƙarfafa a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Haka muka yi wa kawuna lokacin da ya yi jawabi a taron ƙungiyarsu, kuma bai sami wata wahala ba.

Hajiya Rabi:
Nafi'u, ɗana, ƙara girman haruffa zai taimaki ido, kuma za a zo kansa daga baya, amma ba zai ƙara wa dattijo numfashi ba. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma abin da na fara yi da wannan sakin layi shi ne ƙirga shi. Kalma 70 ne a jimla ɗaya, kuma adadin kuɗin nan da ya zauna kamar kalma guda a takarda, idan aka zo faɗinsa kalma goma ne. Babu mai iya ɗauke wannan da numfashi ɗaya, ko matashi ne, saboda haka dole mai karatu ya tsaya, kuma tun da ba ka nuna masa inda zai tsaya ba, huhunsa ne zai zaɓar masa.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "ba da kuɗin ƙaramar hukuma aka yi aikin ba kawai da gudummawar iyaye aka kammala shi". Malam Sabi'u, ka karanta shi da ƙarfi sau biyu. Da farko ka tsaya bayan "ba", sai ka ji an ce ƙaramar hukuma ba ta ba da ko kwabo ba, kawai da gudummawar iyaye aka yi. Sannan ka tsaya bayan "kawai", sai ka ji an ce hukuma ta bayar, iyaye ma sun bayar. Magana biyu ce masu karo da juna, bambancinsu inda aka ja numfashi, kuma shugaban ƙaramar hukumar yana zaune a sahun gaba yana saurare. Wanne kake nufi?

Malam Sabi'u:
Na biyun nake nufi, Hajiya. Ƙaramar hukuma ta ba da kwanon rufi da katako, iyaye suka sayi siminti suka biya magina. Kuma wallahi daidai bayan "ba" ɗin nan Baba ya tsaya jiya, shi ya sa na ce ma'ana ta juya.

Hajiya Rabi:
To, a irin wannan wuri kada ka dogara da waƙafi kaɗai, domin waƙafi ɗan ƙaramin abu ne da mai tabarau zai iya tsallakewa idan hasken rana ya bugi takarda. Ka sake ginin jimlar yadda ko ina aka tsaya ma'ana ba za ta karkace ba. Haka ma ƙarshen sakin layin: idan ya tsaya bayan "malamai", za a ji kamar iyaye sun biya kuɗin siminti da kuɗin malamai. Ga yadda zan shirya shi:

"Muna farin cikin sanar da ku cewa an kammala gyaran azuzuwa uku, wanda aka fara bara. Aikin ya ci naira miliyan bakwai, da dubu ɗari uku da dubu hamsin. Ba da kuɗin ƙaramar hukuma kaɗai aka yi shi ba. Har da gudummawar iyaye. Muna godiya ga ƙaramar hukuma, wadda ta ba da kwano da katako. Muna godiya ga iyaye, waɗanda suka sayi siminti. Muna kuma godiya ga malamai, waɗanda suka sa ido a kan aikin."

Jimla ɗaya ta koma bakwai, kuma babu wadda ta wuce abin da dattijo zai faɗa cikin natsuwa. Ka lura na rubuta "dubu ɗari uku da dubu hamsin". Idan aka ce "dubu ɗari uku da hamsin", mai saurare na iya jin naira hamsin ce ta hau kan dubu ɗari uku. Duk wani adadi, da shekara, da taƙaitaccen laƙabi irin "Alh." a rubuta su cikakku da kalmomi, domin ɗigon da ke bayan "Alh." kamanninsa ɗaya da aya, kuma na sha jin mai karatu ya sauke murya a kansa kafin ya kai ga sunan.

Malam Habibu:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri, na yarda da raba jimlar. Sai dai a matsayina na mai koyar da Hausa a sakandare ina da ja a wuri ɗaya. Waƙafin da ta sa bayan "miliyan bakwai" ba shi da gurbi a ƙa'idojin rubutu, domin adadi ɗaya ne, ba jerin abubuwa ba. Alamomin rubutu aikinsu nuna ginin jimla, ba nuna inda mutum zai huta ba. Idan muka ce kowa ya sa waƙafi inda numfashinsa ya ƙare, gobe ɗalibi zai raba aikau da aikatau da waƙafi, ya rubuta "Shugaban makaranta, ya iso", ya ce ai a jawabin makaranta ya gani. Kuma irin waɗannan jawabai ana buga su a raba wa baƙi, wani lokaci a ajiye su a ofis shekara da shekaru.

Alaramma Ɗanjuma:
Allah ya gafarta Malam Habibu, ka ba ni dama in ɗan sa baki, ko da yake ni ba malamin boko ba ne. Kalmomin nan biyu da kuke amfani da su, aya da waƙafi, daga wajen karatun Alƙur'ani suka shigo mana, kuma ma'anar waƙafi a asali ita ce tsayawa. A Mus'hafin ruwayar Hafsu akwai ƙaramin mimun da ke nuna tsayawa dole, akwai lam'alif da ke nuna kada a tsaya, akwai jimun da ke nuna an halatta ka tsaya ko ka wuce. Malamai sun sa su ne saboda tsayawa na iya ɓata ma'ana. Misalin da kowane almajiri ya sani yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 43: wanda ya karanta "kada ku kusanci salla" ya tsaya nan, bai haɗa da "alhali kuna cikin maye" ba, ya faɗi abin da ba shi ake nufi ba. Saboda haka tsayawa da ma'ana ba su rabuwa.

Abu biyu nake ganin za a ara daga can. Na ɗaya, rubutun boko yana da alamar "tsaya" amma ba shi da alamar "kada ka tsaya", kuma ita ce Malam Sabi'u ya fi buƙata jiya. Na biyu, muna koya wa ɗalibi cewa idan numfashi ya yanke masa a wurin da ba na tsayawa ba, ya koma baya kalma ɗaya ko biyu ya haɗo maganar. A gaya wa dattijon nan haka, babu kunya a ciki, masu saurare ma ba za su ɗauke shi kuskure ba.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu yana da gaskiya a kan takardar da za a raba, kuma ba zan so a ga waƙafin nan nawa a cikinta ba. Maganin da na sani shi ne kwafi biyu. Na farko na rabawa da ajiya, a bi ƙa'ida sau da ƙafa. Na biyu na mai karatu ne shi kaɗai, kuma a cikinsa ba sai an ɓata waƙafi ba: a bar alamomin ƙa'ida a inda suke, a ɗauki jan biro a ja karan tsaye ɗaya inda ake so ya ɗan ja numfashi, biyu inda ake so ya tsaya sosai. Inda kuma ba a so ya tsaya, kamar yadda Alaramma ya nuna, a ja ɗan baka a ƙarƙashin kalmomin biyu ya haɗe su. Da haka muke yi wa takardun labarai kafin mu shiga ɗakin watsa shiri.

Amma ban yarda cewa alamomin ba su da alaƙa da murya ba. Aya tana gaya wa mai karatu ya sauke murya, magana ta cika. Waƙafi yana gaya masa ya ɗan dakata amma ya riƙe muryar a sama, domin mai saurare ya san da saura. Ruwa biyu kuma jira ne, kamar mai cewa ga abin nan tafe. Wanda ya sauke murya a kan kowane waƙafi, jama'a za su yi ta zaton ya gama, har wani ya fara tafi.

Malam Habibu:
Idan kwafi biyu ne, na sassauta. Abin da nake tsoro shi ne ranar taro a rikita su, ko a gyara ɗaya a manta ɗaya. Ni da zan fi son a gyara ginin jimlolin har waƙafin ƙa'ida ya dace da wurin numfashi, a wadatu da kwafi ɗaya, kuma ina ganin jimlolin da Hajiya ta sake ginawa sun nuna hakan mai yiwuwa ne a mafi yawan wurare.

Bari in koma kan shawarar Nafi'u ta manyan baƙaƙe, domin nan ne nake ganin ake kuskure da yawa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma ba ma rubuta ko ɗaya daga cikinsu. Idan ka rubuta kalma da manyan baƙaƙe, mai karatu zai ɗaga murya a kanta ko ya ja ta, kuma hakan na iya kauce wa karinta na asali. Mu ba da tsawa muke ƙarfafa magana ba. Muna ciro abin da muke so a ji mu kawo shi gaba, mu bi shi da "ne" ko "ce". "Iyaye sun sayi siminti" labari ne kawai, amma "Iyaye ne suka sayi siminti" ya riga ya ɗauki nauyinsa ko da an karanta shi a hankali. Muna kuma da "fa", "dai", "kam", "kuwa" da "ma", kowanne da irin nauyin da yake ɗora wa magana. Don haka Malam Sabi'u, duk inda ka ji kana so ka ja layi ƙarƙashin kalma, ka fara tambayar kanka ko jimlar ce ke buƙatar juyi.

Nafi'u:
Na fahimta, Malam. Amma ko sunayen manyan baƙi ma ba za a sa su da manyan baƙaƙe ba? Ina ganin zai taimaka masa ya gano su da sauri idan ya ɗaga kai ya dubi mutane ya dawo.

Hajiya Rabi:
Manufarka mai kyau ce, amma akwai hanyar da ta fi. A jerin gaisuwar da Malam Sabi'u ya kawo, "Sakataren Ilimi, Alh. Musa" mutum ɗaya ne ko biyu? Waƙafin da ya raba muƙami da suna shi ne dai wanda ya raba mutum da mutum, don haka takardar ba ta faɗa ba. A ba kowane baƙo layinsa, muƙami da suna tare, a rufe layin da waƙafi mai ruwa, na ƙarshe da aya. Da ya ɗaga kai ya gaida mutum, yatsansa na kan layin, sai ya sauko na gaba. Kuma kowane layi ya fara da nasa "Mai girma" ko "Ranka ya daɗe" yadda ya dace da mai shi, kada a bar laƙabi ɗaya ya ja mutum huɗu.

Isufu daga Maraɗi:
Sallama ga kowa. Ni abin da ya same ni ne zan ba da labari, ko zai yi amfani. Na rubuta wa wani babban yayanmu jawabin taron ƙungiyar 'yan kasuwa, sai na sa masa umarni cikin baka biyu, na rubuta "a dakata nan jama'a su yi tafi". Da ya zo wurin sai ya karanta shi a lasifika kamar sauran jawabin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin laifina ne ba nasa ba, kuma mutum ne mai mutunci a idon jama'a. Tun daga ranar ba na rubuta wa mai karatu umarni da kalmomi a cikin jawabi. Ina barin fili babba, in zana tauraro da jan biro, in gaya masa da baki abin da tauraron ke nufi.

Wani abu kuma, mu nan da muka yi karatu da Faransanci mun saba barin fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu. Idan na'ura ta karya layi a daidai filin, sai alamar tambayar ta faɗo ita kaɗai a farkon layi na gaba, mai karatu ya riga ya karanta tambayar kamar labari. Wanda ya karɓi rubutu daga wajenmu ya duba wannan.

Malam Habibu:
Maganar alamar tambaya da Malam Isufu ya taɓo tana da muhimmanci ko babu matsalar fili. A Hausa "Za mu bar yaranmu su zauna a ƙasa" da "Za mu bar yaranmu su zauna a ƙasa?" kalmominsu ɗaya ne, murya ce kawai ta raba su, alamar kuma tana can ƙarshe inda mai karatu ba zai gan ta ba sai ya makara. A fara irin wannan tambaya da "Shin", sai ya san tun daga kalmar farko.

Sannan a duba rabuwar kalmomi da ƙugiyoyin haruffa, domin su ma suna sa tuntuɓe. Idan aka rubuta "an bata kyauta" a maimakon "an ba ta kyauta", mai karatu da ya saba ganin rubutu marar ƙugiya zai iya cewa "an ɓata kyauta", a wurin da ake kiran yarinya ta karɓi lambar yabo.

Alaramma Ɗanjuma:
Tauraron Malam Isufu ya tuna mini da wuraren da ba mai jawabi ne ke da magana ba, jama'a ne. Bayan sallama za a amsa. Idan aka ambaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, za a yi salati, kuma a rubuta salatin cikakke, kada a taƙaita shi da haruffa uku. Bayan kowace addu'a za a ce amin. Idan aka jera addu'o'i biyar da waƙafi a jimla ɗaya, amin ɗin farko zai danne addu'a ta biyu, ba wanda zai ji ta. Kowace addu'a ta zama jimla mai ayarta, a layinta.

Malam Sabi'u:
Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina. Daren jiya na zauna na bi jawabin gaba ɗaya ina karantawa da ƙarfi, duk inda na ji ƙirjina ya cika sai in sa alama da fensir, kuma na sami wuri goma sha ɗaya. Tara na raba su ko na juya gininsu kamar yadda Malam Habibu ya ce, biyu kuma suka ƙi, na bar su da karan jan biro. Na jera baƙi layi layi, na ware addu'o'i huɗu na ƙarshe. Sakataren Ilimi da Alhaji Musa mutum biyu ne, kuma sai da Hajiya ta tambaya na ga cewa takardar ba ta nuna ba. Sai dai yanzu wata matsala ta taso: da na auna da agogo, karatuna ya kai minti tara da rabi, alhali ni na fi Baba sauri, kuma ban lissafa amin da tafi ba.

Hajiya Rabi:
To, jawabin ya yi tsawo, kuma gara ka sani yau da ka sani ranar Asabar. A fili za a yi taron da lasifika, sauti yana dawowa daga bango, dole ya riƙa jira ya lafa kafin ya ci gaba, saboda haka kowace tsayawa za ta fi ta cikin ɗaki tsawo. Kada ka ce masa ya yi sauri, domin sauri tsayawar yake fara cinyewa, aikin da ka yi duka ya tafi a banza. Ka rage magana har karatunka ya dawo kamar minti bakwai, sannan ka auna da bakinsa shi, yana tsaye, da tabaraun da zai sa ranar. Inda ya yi tuntuɓe sau biyu, rubutun za ka gyara.

Yanzu ne shawarar Nafi'u ta shigo. A buga da girman 16 ko 18, a buɗe layuka, a buga a fuska ɗaya ta takarda, a sa lamba a kowane shafi. Kada jimla ta fara a ƙasan shafi ta ƙare a na gaba, domin juya takarda tsayawa ce da ba ka shirya ba. Ko da zai bar fili a ƙasa, sakin layin ya tafi sabon shafi gaba ɗaya.

Nafi'u:
Wannan akwai shi a Word, Hajiya. A zaɓi rubutun duka, a shiga Paragraph, a sa alama a Keep lines together, sakin layi ba zai rabu tsakanin shafi biyu ba. Kuma Malam ya mayar da shi PDF kafin ya kai shago, domin wani lokaci na'urarsu ba ta da irin harafin da aka yi amfani da shi, sai ɗ da ƙ da ɓ su fito kamar ƙananan akwatuna ko layukan su goce.

Malam Habibu:
Ina nan dai a kan ra'ayina game da wurare biyun da suka rage. Malam Sabi'u, ka turo mana su mu gani, wataƙila akwai juyin da bai zo maka ba. Idan har sun gagara, na yarda a bar jan biron, amma da sharaɗin kwafin da za a raba wa baƙi a buga shi daga wanda aka gyara na ƙarshe, bayan gwajin Baba, ba kafinsa ba.

Malam Sabi'u:
Zan turo su bayan sallar isha'i in Allah ya yarda. Ɗaya jerin sunayen unguwanni bakwai ne da suka ba da gudummawa, ɗayan kuma maganar marigayi tsohon shugaban makarantar ce da ake so a kawo ta yadda ya faɗe ta, shi ya sa na ji nauyin taɓa gininta. Gobe da hantsi zan koma wajen Baba da sabon kwafin da agogo.